Manhajar lissafin kanti: wata uku ina biyan kuɗin yaran da suka daina aiki

Ina da kantin sari na kayan masarufi a Sabuwar Kasuwa, nan Gombe, kuma shekara ɗaya da rabi ke nan da manhaja nake riƙe lissafin kaya da na bashi. Aikinta ba laifi. Katan ɗin taliya ɗaya ya ɓata, kafin Magariba na san a hannun wa ya fita. Abin da ya ɓata mini rai yadda suke cajin kuɗi ne.

Tsarinsu mataki uku ne, ni ina na tsakiya, dala 9 duk wata a kan kowane mutum mai shiga da sunansa. Mu huɗu ne: ni, ƙanena, da yara biyu masu kula da sito. Dala 36 ke nan. Da azumi ya kama ciniki ya buɗe, sai na ɗauki yara uku na wucin gadi, na buɗe wa kowa nasa shafin don in san wanda ya fitar da me. Kuɗin ya koma dala 63, kuma na yarda da hakan, don sun yi aiki.

Bayan Sallah na sallame su. Na shiga na danna "Deactivate" a kan sunan kowannensu, sunayen suka dushe, na ɗauka magana ta ƙare. Sai bayan wata uku, ƙanena yana duba saƙonnin banki, ya ce, "Yaya, wai har yanzu mu bakwai ne a manhajar nan?"

Ashe ba mutum suke caji ba, gurbi suke caji. Ka cire yaro, gurbinsa na nan a buɗe yana jiran wani, kuɗinsa na tafiya. Sai ka shiga wani shafi daban, "Billing", ka nemo inda aka rubuta "Seats", ka mai da 7 zuwa 4 da hannunka. Babu saƙon da ya fito ya gaya mini haka lokacin da nake cire yaran, alhali ranar da na ƙara su nan take aka nuna mini sabon farashi. Dala 27 sau uku, dala 81. A canjin kusan naira 1,500 da katina ke cira a lokacin, sama da naira 120,000 ne. Buhun shinkafa nawa zan sayar kafin ribarsa ta kai haka?

Na rubuta musu. Sun amsa washegari, cikin ladabi, ba zan ƙi faɗa ba. Amma kuɗi ba sa mayarwa, sai dai su riƙe mini na wata ɗaya a cire daga biyan gaba. Na wata biyun ya tafi.

Wannan ne ya tuno mini da gwajin kyauta na farko. Kwana 14 suka ba ni, kuma a kwanakin nan komai a buɗe yake, wato mataki na sama kake ɗanɗanawa ba ka sani ba. Da na zo biya na zaɓi na ƙasa, sai na tarar babu littafin bashi, babu damar hana yaro ganin farashin sari. Dole na hau na tsakiya. Kwana 14 ma bai isa ɗan kasuwa ba. Masu ɗaukar kayana daga Kumo da Bajoga ƙarshen wata suke biya, ban ga yadda manhajar ke rufe lissafin wata ba sai da kuɗina ya riga ya shiga.

Cikin fushi na je zan soke. Ina danna maɓallin sai ga tayin ragin rabin kuɗi na wata biyu. Wato akwai ragin tun da, sai mai shirin tafiya ake nuna wa! Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Kafin in ƙarasa na gwada sauke bayanaina. Jerin kaya da sunayen masu bashi sun fito a CSV, wato fayil irin wanda ake buɗewa da Excel, amma jimillar bashin kowa kawai, babu ranar da ya ɗauka, babu abin da ya riga ya biya. Mai bashi ya ce maka ya ba da dubu hamsin ran Juma'a, da me za ka nuna masa?

Don haka ban soke ba. Na karɓi ragin, na ƙi biyan shekara duk da ya fi sauƙi, don idan na ɗaure kaina ba zan iya rage gurbi ba sai wa'adi ya cika. Yanzu kowane ɗaya ga wata ina buɗe takardar cajin in ƙirga gurabe da kaina, ƙanena kuma ya fara kwafe bashin manyan kwastomominmu cikin littafi, mutum biyar kullum bayan La'asar.