Wasiƙar dillali a kan tulun Ladi Kwali da na saya

Tun ina yaro nake ganin hoton Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane, a bayan naira 20, amma sai bara na mallaki aikin hannunta. Tulu ne mai tsawon santimita 31, da zanen ƙadangaru da kifaye, daga hannun wani dillalin kayan tarihi a Ingila. A gindinsa akwai tambarin LK, da na cibiyar Abuja da haruffan Larabci, wato cibiyar koyon ginin tukwane da Michael Cardew, wani Baturen Ingila maginin tukwane, ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja, inda ta fara aiki a 1954.

Kafin in biya kuɗi dillalin ya aiko da takardar bayanin lafiyar kayan. Layi huɗu ne kacal: ɓantarewa biyu a gindi, tsaga ɗaya a ciki, wata siririyar tsaga a kafaɗa, da tsohon gyara a baki. Gabana ya faɗi, na ce ashe tsingaro zan saya. Na rubuta masa cewa na fasa saye, shi ne ya maido da doguwar wasiƙa.

Abin da ya fi yi min amfani a cikinta shi ne yadda ya raba tsagogin nan biyu, domin ni a wurina tsaga tsaga ce. Ta cikin, in ji shi, da ita tulun ya fito daga wuta. Irin waɗannan tuluna da hannu ake gina su, nadi bisa nadi, kuma wurin da yumɓu ya yi kauri yakan ja ya buɗe lokacin gashi. Shaidarta ita ce ruwan ƙyallin da ake shafa wa tulu kafin gashi ya narke ya gangara cikinta, bakinta ya yi sumul, ba kaifi. Wannan ba kasafai take ƙaruwa ba, kuma masu saye ba sa rage kuɗi sosai saboda ita. Ta kafaɗar kuwa daga baya ta samu, buguwa ce. Tsawonta santimita 4, bakinta da kaifi, datti ya shiga ya baƙanta ta. Ya faɗa ƙarara cewa ita ce abin tsoro, don tana iya tafiya idan tulun ya sake buguwa ko ya fita daga sanyi zuwa zafi farat ɗaya.

Wasiƙar ta sa na sake shawara na saya. Da kayan ya iso na gwada. Na ja farce a kan ta ciki, ya wuce salin alin. A kan ta kafaɗa sai ya ɗan maƙale. Na ɗora tulun a tafin hannu na ƙwanƙwasa da yatsa: ƙarar ba ta yi tsawo kamar ƙararrawa ba, ta ɗan dushe, daidai yadda ya ce zan ji.

Ɓantarewar gindi ba wani abu ba ce. Kowacce ba ta wuce ƙwayar dawa ba, kuma sun yi duhu, alamar sun daɗe.

Inda nake da ƙorafi shi ne gyaran baki. Wasiƙar ta ce an cike wurin da ya ɓalle da gam mai ƙarfi, aka shafa fenti, faɗinsa kamar santimita 2. Na ari fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita daga wani abokina ɗan canji, na kashe wutar ɗaki na haska. Ainihin ƙyallin ya zauna dishi-dishi, wurin gyaran kuwa ya yi fari fat, kuma ya kusa santimita 5. Ko da yatsa ma ana ganewa idan an san wurin: fentin bai kai ƙyallin sanyi da tauri ba. Na tura masa hoto. Amsarsa ita ce shi ramin ya auna, mai gyara kuma ya fesa fenti ya wuce ramin don launi ya saje. Maganar tana da ma'ana, haka masu gyara suke yi. Amma ni abin da ido zai gani idan fentin ya tsufa ya koma rawaya nake saye, ba ramin da ke ƙarƙashi ba, kuma da ya haɗo hoton fitilar tun farko da ba mu yi wannan ja-in-ja ba. Ya mayar min da kashi 10 cikin 100 na kuɗin ba tare da musu ba, wannan kam na yaba.

Wani abu kuma da wasiƙar ta yi shiru a kai: ruwa. Wataƙila a can ba wanda zai yi tunanin zuba ruwa a kayan ado, amma a gidanmu tulu tulu ne. Na shigo na tarar uwargida ta ɗauko shi za ta wanke da ruwan zafi da omo, abin da zai iya sassauta gam ɗin ya kuma tura datti cikin tsagar. Yanzu yana cikin kabad mai gilashi, nesa da taga, an juya kafaɗar mai tsaga wajen bango, busasshen ƙyalle kawai ake goge shi da shi.