Minti ashirin da kofin gahawa a Brampton

Assalamu alaikum, ƙanena. Da fatan kowa lafiya, su Inna da yara. Ka tambaye ni abin da ya fi araha a nan da abin da ya fi tsada. Amsar abinci da haya ka riga ka ji ta a waya. Yau wani abu daban zan ba ka labari, tunda ka gama bautar ƙasa kana leƙen harkar sufuri.

A nan ɗakin karatu kyauta ne, da kwamfuta da intanet. Ofisoshin da ke taimakon baƙi suna gyara maka takardar neman aiki ba ko sisi. Abin da ke da tsada shi ne lokacin mutum. A Dawanau, in kana son sanin sirrin lodi, sai ka zauna a benci kusa da ɗan kamasho daga hantsi har la'asar, ka saya masa shayi, hira ta kawo abin da za ta kawo. A Brampton, garin da manyan motoci suka yi wa yawa a gefen Toronto, ba mai benci. Amma suna da wata al'ada: ka roƙi wanda ke cikin sana'ar da kake so ya ba ka minti ashirin, ka yi masa tambayoyi, ba tare da ka nemi aiki a wurinsa ba. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan abin.

Karona na farko ban gane haka ba. Wani manaja ya yarda mu haɗu. Na ɓata kusan rabin lokacin a gaisuwa da tarihin shekaruna a kamfanin tireloli na gida, sannan na zaro takarduna na ce ko akwai gurbi. Nan take fuskarsa ta canja. Ya ce in tura ta shafin kamfani, ya dubi agogo, ya miƙe. Ya zo ne a matsayin mai ba da shawara, ni kuwa na mai da shi wanda ake roƙo, kuma ba abin da zai iya ba ni sai haƙuri.

Karo na biyu na shirya. Aikin da nake so shi ne tsara lodi da direbobi, wanda suke kira disfaca. Ban nemi shugaban kamfani ba, na nemi wadda hannunta ke cikin aikin yanzu. A LinkedIn na sami wata mata da ta yi shekaru tana wannan aiki. Saƙona layi huɗu ne: ni wane ne, na yi aikin lodin hatsi daga Kano zuwa Legas, ina so in fahimci yadda ake yi a nan, ko za ta ba ni minti ashirin a waya ko kusa da ofishinta, duk ranar da ta ga dama. Na rubuta ƙarara cewa ba aiki nake nema a wurinta ba. Mutum shida na rubuta wa, ita kaɗai ta amsa, bayan na sake tuntuɓa sau ɗaya da mako ya zagayo.

Kafin ranar na karanta duk abin da ake samu ba sai an tambayi kowa ba. A Kanada direba ba ya wuce awa 13 yana tuƙi a rana, in ya tsallaka Amurka kuwa awa 11 ne. Wata na'ura da ake kira ELD ce ke ƙirga awannin a cikin mota, ba littafin da direba zai cike da biro ba. Na san hanyar 401 ce ke kai kaya Windsor, daga nan a haye gada zuwa Detroit ta Amurka. Da na tambaye ta waɗannan, da na ƙona mintunan da ba za su dawo ba. Tambaya biyar kawai na rubuta, duk irin wadda amsarta ke cikin kan mai aiki.

Na isa minti goma kafin lokaci, na biya kuɗin gahawa biyu, bai kai dala biyar ba. Na gabatar da kaina a cikin jimla uku, sai na ce: "Ba ni labarin jiya, tun daga shigarki ofis." Na daina tambayar yadda aiki yake gaba ɗaya, domin amsarsa kullum ita ce aiki na da wuya amma da daɗi. Jiya kuwa tana da suna da lokaci. Ta ce wani direbanta ya kwashe awa huɗu a bakin sito yana jiran a sauke masa kaya, awanninsa na aiki suka kusa cika, lodin da zai ɗauko na dawowa ya kuɓuce, ta koma Loadlink, shafin intanet da ake tallan lodi, tana farautar wani don kada mota ta dawo fanko. Ka ga a nan na ji kamar ina gida, don mota fanko asara ce ko a Apapa. Bambancin shi ne a can direba yakan danne gyangyaɗi ya ci gaba, a nan na'ura ba ta jin magiya.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi biya na: wane kuskure sabon shiga ya fi yi? Ta ce takardun kan iyaka. Kayan da za su shiga Amurka da lambar PAPS suke tafiya, masu shigowa Kanada da PARS, kuma dole wakilin kwastan ya shigar da bayanin kafin mota ta iso. Sabon disfaca sai ya tura takarda ya ɗauka an gama, bai duba ko an karɓa ba, direba ya je ya maƙale a boda. Na bar tambayata ta uku na bi wannan zaren, domin nan ne na ga idonta ya buɗe. Takardar tambayoyi sanda ce ta dogarawa, in hanya ta miƙe sai ka saɓa ta a kafaɗa.

Albashinta ban taɓa ba, a nan rashin ladabi ne. Cewa na yi: wanda ya fara yau, tsakanin nawa da nawa ake ba shi? Ta faɗa ba wata jayayya. Na kuma tambaye ta kan wani kwas da na kusa biya wa kuɗi masu yawa. Ta ce aikin ba ya bukatar lasisi, su abin da suke dubawa shi ne ko ka taɓa zama a tebur da dare kana bin sawun motoci kana sanar da masu kaya, kuma ta wannan ƙofar yawanci ake shiga. Kuɗin kwas ɗin suka zauna a aljihuna.

Da minti ashirin suka cika, ni na fara cewa lokacin da na roƙa ya ƙare. Ta ce in ci gaba, ta ƙara min goma. Tambayar rufewa ita ce: wa kuma ya kamata in ji ta bakinsa, kuma zan iya ambaton sunanki? Ta ba ni mutum biyu. A daren nan na tura mata godiya, na ambaci maganar boda don ta san na saurara. Bayan wata guda na sake rubuta mata cewa na ga mutanen, ga abin da na koya. Ɗaya daga cikinsu ne daga baya ya kira ni da kansa lokacin da suke neman mai aikin dare.

Kai a Kano ba za ka kwafe shi sak ba. Gaisuwa dole ce, kuma zai fi kyau Kawu ya yi maka iso wurin wani da ke riƙe da motoci, maimakon saƙon waya daga baƙo. Amma ka faɗa tun a bakin ƙofa cewa ilimi ka zo nema, ka bar takardunka a gida, ka tambaye shi labarin lodinsa na ƙarshe da inda kuɗi suka zurare a hanya. In ka je, rubuto min abin da ya ce kan kuɗin dizal da jiran sauke kaya, ina so in gwada da na nan.

Ka gaida Inna, ka ce mata yajin da ta aiko ya iso lafiya.