Kafin ka zaɓi asusun zuba jari, duba zurfin ramin da ya taɓa faɗawa

A ce takardun bayanin asusun zuba jari biyu ne a gabanka. Na farko matsakaicin ribarsa kashi 12 cikin ɗari a shekara, na biyu kashi 7. Ido zai tafi kan 12, ba laifi. Amma sauka ƙasa kaɗan ka nemi layin da aka rubuta `Max Drawdown`, wato faɗuwa mafi zurfi da asusun ya taɓa yi daga ƙololuwarsa zuwa inda ya tsaya kafin ya sake hawa. A misalinmu na farkon kashi 40 ne, na biyun kashi 15.

Ga yadda ake samo lambar. Farashin rukuni ɗaya na asusun farko ya tashi daga 100 zuwa 150, ya gangaro 90, sannan ya farfaɗo zuwa 140. Sai a cire 90 daga 150, a raba 60 ɗin da ya rage da 150, a samu kashi 40. Kuskuren da aka fi yi shi ne aunawa daga 100, a ce ai kashi 10 kawai aka rasa. Daga ƙololuwa ake aunawa, domin akwai wanda a 150 ɗin ya saya, kuma sau da yawa sabon shiga ne, tunda sai labarin riba ya cika gari yake jin sha'awar shigowa.

Fita daga ramin ta fi faɗawa tsada. Wanda ya sauka daga 150 zuwa 90 sai ya samu ribar kusan kashi 67 kafin ya koma inda yake. Faɗuwar kashi 15 kuwa kusan kashi 18 ya isa ya cike ta. Idan rabi ya tafi, sai kuɗin sun ninka. Matsakaici ba ya nuna wannan, har yakan rufe asara ruf: asusun da ya ci kashi 60 bana ya faɗi kashi 40 baɗi, matsakaicinsa riba ce ta kashi 10 a shekara, alhali 100 ɗinka ta zama 160, ta dawo 96.

Kashi 12 ɗin nan rabon wanda ya zauna ne tun daga farko har ƙarshe bai motsa ba. Tsohon hannu ya taɓa ganin kasuwa ta rushe ta tashi, yana kuma da wasu kuɗin a gefe. Sabon shiga bai san iyakar haƙurinsa ba tukuna. Ranar da ya buɗe waya ya ga 100,000 ɗinsa ta koma 60,000, barci zai ƙaurace masa, ko wata buƙata ta taso dole ya cire, sai ya sayar a gindin ramin. Asarar takarda ta zama ta gaske ke nan, farfaɗowar kuma ta wuce ba da shi ba. A ganina, kashi 7 da za ka iya zama a kansa ya fi kashi 12 da zai kore ka a tsakiyar hanya. Wanda ba zai taɓa kuɗin ba har shekara goma ko fiye, kuma ya tabbata zuciyarsa za ta ɗauka, shi ne asusun farko ya dace da shi.

Sai dai lambar `Max Drawdown` ma tana yaudara idan ba ka duba shekarun da ta ƙunsa ba. Ma'aunin hannayen jarin Amurka na S&P 500 ya faɗi kusan kashi 57 tsakanin Oktoba 2007 da Maris 2009, kuma sai a Maris 2013 ya koma tsohon matsayinsa. Asusun da aka buɗe a 2010 bai ɗanɗana wannan ba, don haka takardarsa za ta fi ta wanda ya girme shi kyan gani ko da abin da suke saye iri ɗaya ne. Kwatanta su a kan shekaru iri ɗaya. Duba kuma ko da farashin kullum aka yi lissafin ko da na ƙarshen wata, don na wata yakan tsallake ranar da abin ya fi muni. Lambar dai tarihi ce, faɗuwar gaba tana iya zarce ta.

Tambayi tsawon zaman ramin ma, ba zurfinsa kaɗai ba. A 2020 ma'aunin nan ya zube kusan kashi 34 cikin mako biyar, amma kafin ƙarshen Agusta ya dawo. Ma'aunin Nikkei na Japan kuwa, ƙololuwar da ya taka a Disamba 1989 bai sake ganinta ba sai Fabrairu 2024. Idan takardar ba ta faɗi watannin farfaɗowa ba, buɗe jadawalin farashin ka ƙirga da kanka daga ƙololuwar zuwa ranar da layin ya sake kai ta.