Idan adireshin imel ya buɗe Outlook maimakon Gmail: a Windows za a gyara ko a burauza?

"Assalamu alaikum. Duk lokacin da na danna adireshin imel a wani shafin intanet, sai Outlook ya buɗe yana neman in shigar da asusu, alhali ni Gmail nake amfani da shi a Chrome. Wani ya ce in gyara a Windows, wani kuma ya ce a Chrome ake gyarawa. Wanne ne daidai? Windows 11 ce a kwamfutata."

Wa alaikumus salam, Malam. Duka mutanen biyu sun faɗa maka gaskiya, sai dai kowannensu rabinta ya riƙe, kuma za ka gane dalili idan ka san abin da ke faruwa a daidai lokacin da ka danna. Mai shafin bai zaɓa maka wata manhaja ba, ba shi ma da ikon yin hakan. Abin da ya rubuta a bayan adireshin ɗan gajeren umarni ne da ke farawa da kalmar `mailto`, kamar haka:

```
mailto:gwaji@example.com?subject=Gwaji
```

Burauza na ganin wannan kalma sai ta fara duba nata jerin, ko an taɓa gaya mata wanda zai riƙa karɓar irin wannan mahaɗi. Idan ba ta sami kowa ba, sai ta miƙa wa Windows, ita kuma Windows ta buɗe manhajar da ke rubuce a wurinta. Da yake Microsoft ta daina tallafa wa tsohuwar manhajar Mail a ƙarshen Disamba 2024 ta maye gurbinta da sabon Outlook, shi ne mafi yawan mutane suke tararwa a wannan gurbi ba tare da sun taɓa zaɓensa ba. Ke nan ƙofofi biyu ne a jere, ta burauza da ta Windows, kuma wadda za ka gyara ta dogara ne da inda wasiƙunka suke zaune: a cikin manhajar da aka girka a kwamfuta, ko a shafin intanet.

Gyaran Windows shi ne mafi sauƙi, kuma shi kaɗai ya ishi mutumin da ke karanta wasiƙunsa a manhaja irin su Thunderbird ko tsohon Outlook na Office. A Windows 11 za a buɗe Settings, a shiga Apps, sannan Default apps. A akwatin da ke can sama, wanda ake rubuta nau'in fayil ko na mahaɗi, sai a rubuta `MAILTO`, a danna manhajar da ta bayyana a ƙarƙashinsa, a zaɓi wadda ake so daga jerin, a tabbatar da Set default. A Windows 10 ma ya fi haka gajarta, domin a shafin Default apps akwai kanun Email a fili, dannawa ɗaya ake yi a sauya. Fa'idar wannan hanya ita ce ta shafi kwamfutar gaba ɗaya, ta yadda adireshin da ke cikin takardar Word ko fayil ɗin PDF zai buɗe manhaja ɗaya da wanda ke shafin intanet. Iyakarta kuwa ita ce jerin ba ya nuna komai sai manhajojin da aka girka. Za ka duba daga sama har ƙasa ba za ka ga Gmail ba, tun da a kwamfuta Gmail shafi ne da ake buɗewa a burauza, kuma a nan ne mutane da yawa suke cewa abin ba ya gyaruwa su haƙura.

Gyaran Chrome shi ne yake cike wannan giɓi, domin shi ne ke haɗa kalmar `mailto` da shafin Gmail. Ka fara rubuta wannan a wurin adireshi:

```
chrome://settings/handlers
```

Ka tabbatar zaɓin Sites can ask to handle protocols ne a kunne. Daga nan ka buɗe Gmail a taga ta yau da kullum, ba ta Incognito ba, ka jira ya gama buɗewa, ka duba ƙarshen layin adireshi ta hannun dama kusa da alamar tauraro. Za ka ga wata 'yar alama mai kama da lu'ulu'u biyu da suka hau juna, ƙanƙanuwa ce ƙwarai, mutum zai yi shekara yana buɗe Gmail bai lura da ita ba. Idan ka danna ta Chrome zai tambaye ka ko ka amince `mail.google.com` ya riƙa buɗe mahaɗan imel, sai ka zaɓi Allow, ka danna Done. Idan alamar ta ƙi fitowa, galibi an taɓa hana Gmail wannan izini ne a baya, ko da kuwa bisa kuskure. Ka koma shafin `handlers`, za ka same shi a jerin waɗanda aka hana, ka cire shi daga can, ka sake loda Gmail. Mai amfani da Edge ma haka zai yi, sai dai shi zai nemi saitin ne da sunan Protocol handlers a cikin Settings na Edge.

To, a naka yanayin dole ne a haɗa hanyoyin biyu, kuma tsarin da aka bi yana da muhimmanci. Ka fara da Chrome kamar yadda na bayyana, sannan ka je Default apps ka mayar da `MAILTO` hannun Google Chrome. Wani lokaci Chrome da kansa yake buɗe maka shafin Settings da zarar ka danna Allow, kuma mutane sukan rufe shi suna zaton katsalandan ne, alhali rabin aikin ne yake nuna musu. Idan ka yi na Windows kaɗai, wato ka zaɓi Chrome ba tare da ka ba Gmail izini ba, dannawa zai buɗe maka taga babu komai a cikinta ko kuma ya yi shiru kamar ba ka danna ba, saboda Windows ta miƙa wa Chrome saƙon shi kuma bai san wa zai ba ba. Idan kuma na Chrome kaɗai ka yi, adireshin da ka danna a wajen burauza zai ci gaba da kiran Outlook, kuma ba abin mamaki ba ne ka wayi gari na cikin Chrome ɗin ma ya koma gidan jiya.

Firefox ya sha bamban da su, kuma a ganina tsarinsa ya fi fitowa fili. A Settings, ƙarƙashin General, akwai sashen Applications, inda za ka ga layin `mailto` da zaɓuɓɓuka a gefensa, ciki har da Use Gmail da Always ask. Abin da ka zaɓa a nan shi zai yi aiki ga duk mahaɗin da aka danna a cikin Firefox, ko da Windows tana riƙe da wata manhaja dabam. Wannan alheri ne ga wanda yake son haka, amma shi ne kuma ke rikita wanda ya gyara Windows tsaf ya ga Firefox na ci gaba da buɗe tsohuwar manhaja, domin a can baya an taɓa zaɓar ta a wannan jeri an manta. Zaɓin Always ask ya dace da kwamfutar da mutum fiye da ɗaya ke amfani da ita, tun da duk dannawa zai tambaya kafin ya buɗe komai.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka a wace ƙofa matsalar take, kuma na fi son a yi shi kafin a taɓa kowane saiti. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wancan layi na `mailto` da na kawo a sama, ka danna Enter. Wannan ya tsallake burauza gaba ɗaya, saboda haka duk abin da ya buɗe shi ne zaɓin Windows. Sannan ka danna adireshi a wani shafi ka kwatanta. Idan manhaja ɗaya ce ta buɗe a duka biyun, burauza miƙawa kawai take yi. Idan sun bambanta, burauza ce ke da nata zaɓi, kuma a can za ka nemi gyara. Bayan ka kammala, gwajin da ya yi nasara zai buɗe tagar rubuta saƙo ta Gmail da adireshin a cike da kuma kalmar Gwaji a layin batu.

Kada ka ɗauki abin a matsayin ɓacin rai kawai ka bar shi haka. Wani ƙanena ya sayi kwamfuta ta hannu, ya ga sanarwar neman aiki, ya danna adireshin, tsohon Outlook ya buɗe masa tagar rubutu tsaf ba tare da ya tambaye shi komai ba, domin asusun mai kwamfutar na farko yana nan a ciki. Ya rubuta takardarsa ya danna Send, tagar ta rufe, ya tashi hankalinsa kwance. Sai bayan kwana tara, da shiru ya yi yawa, muka buɗe manhajar muka tarar da saƙon kwance a Outbox, saboda an riga an sauya kalmar sirrin wancan asusu, wa'adin neman aikin kuma ya wuce. Ko da ma saƙon ya tafi, da sunan wani zai isa. Naka da ke neman ka shigar da asusu ya fi wannan sauƙi, tun da aƙalla ya tsayar da kai.

Hanyar Gmail tana da iyakoki biyu da manhajar da aka girka ba ta da su. Na farko, idan ka danna fayil da maɓallin dama ka zaɓi Send to sannan Mail recipient, ko ka nemi Word ya tura takarda a matsayin maƙalli, wannan ba ta `mailto` yake bi ba, wata hanya ce dabam mai suna MAPI wadda sai manhaja irin su Thunderbird ko tsohon Outlook ke amsa ta. Duk gyaran da ka yi a Chrome ba zai taɓa ta ba, don haka mai Gmail sai dai ya buɗe saƙo ya maƙala fayil ɗin da hannunsa. Na biyu, idan ka shiga asusun Google fiye da ɗaya a Chrome guda, tagar rubutun takan buɗe ne da asusun da ka fara shiga, wanda lambarsa a adireshi take `/u/0/`, ba lallai wanda kake kallo a lokacin ba. Ka riƙa duba asusun da ke buɗe kafin ka tura, ko kuma ka ware wa asusun aiki nasa furofayil a Chrome, ka ba Gmail izini a cikin kowanne dabam.

Idan kwamfutar ta wurin aiki ce kuma ka ga zaɓinka na komawa Outlook duk lokacin da ka sake kunna ta, masu kula da na'urorin ofis ne suka ɗaure saitin daga wurinsu, kuma su kaɗai za su iya kwance shi. Kafin su yi, ka danna adireshin da maɓallin dama, ka zaɓi Copy email address, ka liƙa shi a Gmail.