Bel na sulluɓewa: a ƙara ɗauri ko a ƙara naɗi?

"Injin niƙana a Mabera, bel mai faɗi gare shi. Da na zuba masara da yawa sai ya riƙa ƙara yana sulluɓewa kan ƙaramin fuli. Wani ya ce in ƙara ɗaure shi, wani ya ce in sa masa fulin danni. Wanne ya fi?"

Malam, duka biyun za su hana sulluɓewar, amma kowanne da inda yake cin ka. Bel mai aiki ɓangare biyu gare shi: wanda ya ɗame, a kira jansa T1, da wanda ya saki, T2. Bambancin da ke tsakaninsu shi ke juya dutsen. Sai dai T1 ba ya iya fin T2 yadda ya ga dama, akwai iyaka, in an kai ta sai bel ya zame:

```
T1 / T2 = e^(μθ)
```

Wannan shi ne lissafin da ake jingina wa Euler da Eytelwein. μ ƙarfin kamun bel ne da ƙarfen fuli, θ kuwa yawan zagayen da bel ya rungume, a ma'aunin radiyan, wanda ɗayansa kusan digiri 57 ne, sannan e lamba ce da ba ta canjawa, kusan 2.72. Ka lura girman fulin bai shigo ciki ba, naɗin ne abin dubawa. Shi ya sa yaro kan riƙe bijimi in ya naɗe igiya sau biyu a jikin turke: in μ 0.3 ne, jan hannunsa ya ninka fiye da sau 40.

Ban ga injinka ba, don haka mu ƙaddara. A ce μ 0.3, bel ya rungumi ƙaramin fuli digiri 150, kuma T1 da T2 in an haɗa su niyuton 800 ne, wato a ma'aunin ƙarfin ja. Iyakar ta fito 2.19, wato T1 kusan 549, T2 kusan 251. Abin da ya rage na aiki 298 ke nan. In masarar da ka zuba tana neman 400, dole ka ji ƙara.

Ɗauki hanyar ɗauri. Ka ja injin baya, naɗi bai canja wani abin kirki ba, 2.19 na nan daram. Kafin ka sami 400, sai T1 ya kai 736, T2 ya kai 336, jimilla kusan 1,070. Nauyin da ke kan shaf da boris ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma yana nan ko kana niƙa ko ka rufe shago ka tafi masallaci. Amfaninta dai ba ka kashe ko kwabo, sifana kawai za ka ɗauko.

Hanyar naɗi kuwa, fulin danni ya tura bel daga waje har ya rungumi digiri 210. Iyakar ta koma kusan 3. Da wancan 800 ɗin na farko, T1 ya zama 600, T2 ya sauka 200, ga 400 ɗinka ba tare da an ƙara wa jimillar komai ba. Amma wurin sa shi da muhimmanci: a ɓangaren da ya saki, kusa da ƙaramin fuli, domin shi ne mai ƙarancin naɗi, shi ke fara zamewa. In ka sa shi a ɓangaren da ya ɗame, boris ɗinsa ne zai sha wuya. Kuma akwai farashi: bel yana lanƙwasa ta baya a kowane zagaye, don haka yana saurin gajiya, musamman wajen mahaɗa. Ƙara tazara tsakanin fulin biyu ma yana ƙara naɗi, sai dai ba zai taɓa haura digiri 180 ba.

Wani abu da mu mutanen Sakkwato ba za mu manta da shi ba shi ne ƙura. Garin niƙa da ƙurar hunturu in sun kwanta a fuli, μ na sauka. A ce ya koma 0.2: mai digiri 150 aikinsa ya faɗo wajen 205, mai digiri 210 yana riƙe da 280. Wanda bai gane wannan ba sai ya yi ta ɗauri, alhali tsumma ya kamata ya ɗauka.

Ni a ganina, fara kashe injin ka taɓa. In ƙaramin fuli ya yi zafi, cikin bel yana sheƙi, gidan boris kuwa da sanyi, kuma bel yana lotsawa sosai in ka danna tsakiyarsa, to saki ya yi, goge shi ka ɗan ɗaure ya wadatar. In kuwa bel ya riga ya ɗame, gidan boris ba ya taɓuwa don zafi, amma ƙarar ba ta daina ba, ɗauri ya kai iyakarsa, fulin danni kake buƙata. Kafin ka kai wa mai walda kuɗi, duba ko ɓangaren da ya saki a sama yake ko a ƙasa. In a sama yake, lotsawarsa na ƙara naɗi. In a ƙasa ne, tana rage shi.