Gilashi ya tsage, tachi ya mutu: gyara ko canjin waya?

"Assalamu alaikum. Wayata ta faɗi a bakin masallaci, gilashin ya tsage daga kusurwar ƙasa. Hoto yana fitowa tas, amma daga tsakiya zuwa ƙasa ba ta jin taɓi, ko lambar buɗewa ba na iya sakawa. Shekararta 2 a hannuna, kuma a kan sikirin nake ɗora yatsa ta buɗe. Mai gyara a nan Katsina ya ce sikirin kwafi naira 26,000, orijina 48,000. Wani ya taya ta a haka 40,000, sabuwa irinta kuma 190,000. In gyara ko in canza?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. A ganina gyara da orijina ya fi maka sauƙi, amma da sharaɗi biyu da zan zo kansu, kuma kafin a kai ga lissafi ya kamata a san abin da ya lalace, domin shi ne zai nuna ko kuɗin da aka faɗa maka na gaskiya ne.

Abin da muke kira sikirin hawa uku ne aka manne wuri guda. Akwai gilashin sama wanda yatsa ke taɓawa, akwai tachi, sannan akwai mai nuna hoto. Tachin wasu siraran layuka ne da ido ba ya gani, an shimfiɗa su tsaye da kwance kamar saƙar raga, kuma ta wurinsu ne waya ke gane inda yatsa ya sauka. Idan tsaga ko ƙarfin faɗuwa ya yanke waɗansu daga cikin layukan, duk yankin da suke kula da shi sai ya mutu, alhali mai nuna hoto yana nan lafiya. Shi ya sa kake ganin komai tas amma rabin wayar ba ya amsawa. A tsofaffin ƙananan wayoyi tachin yana manne ne a bayan gilashi, ana iya sayensa shi kaɗai da araha. A mafi yawan wayoyin yanzu kuwa an gina shi ne a jikin mai nuna hoton, ba a raba su. Saboda haka idan wani ya ce maka zai canza gilashi kawai ya bar sauran, ka sani wannan aikin yana amfani ne ga wanda gilashinsa ya tsage amma tachinsa yana aiki. A halin da kake ciki za a saka maka sabon gilashi mai sheƙi ne a kan mataccen tachi.

Tun da ka ce a kan sikirin kake ɗora yatsa, kusan tabbas naka AMOLED ne, wato irin sikirin da ke ba da haske da kansa ba tare da fitila a bayansa ba, kuma nan ne bambancin 26,000 da 48,000 yake da ma'ana. Na'urar karanta yatsa tana ƙarƙashin sikirin, tana hango zanen yatsa ta cikinsa. Kwafin da ake sayarwa da araha don irin waɗannan wayoyi sau da yawa LCD ne, wanda ke da fitila a bayansa, don haka na'urar ba ta iya hangowa, buɗewa da yatsa sai ta daina aiki gaba ɗaya. Ya kuma fi kauri, sai ka ga ya ɗan tasa sama da bakin wayar, wanda hakan ke sa ya fi saurin fashewa idan ta sake faɗuwa, kuma ya fi shan caji. Ni kaina na taɓa bin araha na saka irinsa. A cikin shago, ƙarƙashin rumfa, ban ga aibinsa ba, sai da na fito titi da azahar ina neman lambar wani, na ƙure haske, na kare da tafin hannu, amma da ƙyar nake gane sunaye. Bayan wata 7 ya fara danna kansa, yana buɗe abin da ban taɓa ba, dole na sake biyan kuɗin wani. Ba na cewa kowane kwafi haka yake, akwai kwafin OLED, wato dangin AMOLED ɗin, da ya fi wannan kyau, sai dai kuɗinsa yakan matso kusa da na orijina. Tambayar da za ka yi wa mai gyaran ita ce: kwafin nan LCD ne ko OLED, kuma yatsa zai yi aiki a kansa?

Yanzu lissafi. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su gwada kuɗin gyara da kuɗin da suka sayi wayar, ko da cikakken farashin sabuwa. Abin da ya dace a gwada shi ne abin da zai fita daga aljihunka a kowace hanya. Idan ka sayar da ita 40,000 ka sayi sabuwa 190,000, cikon da za ka yi 150,000 ne. Idan ka gyara da orijina, 48,000 ne. Mu ƙaddara wayar da aka gyara za ta ƙara maka wata 18, to kana biyan kusan naira 2,700 ke nan a kowane wata. Mu ƙaddara sabuwar za ta yi shekara 3, wato wata 36, cikon 150,000 ya kama kusan 4,200 a wata. Ko da gyararriyar shekara guda kawai za ta yi, 4,000 ne a wata, har yanzu ba ta wuce sabuwa ba. Kwafi kuwa, idan ya yi maka yadda ya yi mini, 26,000 a wata 7 ya haura 3,700 a wata, ga rashin yatsa, ga duhun rana, ga komawa shago karo na biyu a sake buɗe wayar. Arahar tasa a ranar biya kawai take.

Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, wato ka sayar da taka ka sayi ta hannu irinta. Ka tambayi masu sayar da na hannu nawa irin taka take idan lafiyarta ƙalau. A ce sun ce 95,000. Cikonka zai zama 55,000, ya ɗan ɗara kuɗin gyara, kuma za ka karɓi wayar da ba ka san tarihinta ba, wataƙila ita ma kwafi ne a jikinta. Amma wannan adadin yana da wani amfani: ya nuna cewa 48,000 ɗin da za ka kashe zai ɗaga darajar wayarka daga 40,000 zuwa kusan 95,000, wato ba asara kake yi ba ko da gobe ka so sayarwa. Da a ce irinta mai lafiya 70,000 take, da na ce maka kada ka gyara, domin za ka zuba 48,000 ka samu ƙarin daraja na 30,000 kacal.

Sharaɗi na farko shi ne a tabbatar sikirin ne kaɗai ya lalace. Faɗuwar da ta tsaga gilashi tana iya zare igiyar da ta haɗa sikirin da bodin cikin waya, tana kuma iya taɓa bodin kansa. Yadda mutuwar tachin ta fara daga inda tsagar take alama ce mai kyau, domin matsalar bodi ko zarewar igiya ta fi kashe tachi baki ɗaya. Duk da haka kada ka yarda a manne sabon sikirin sai an gwada shi. Mai gyara na kirki zai buɗe wayar, ya fara cire igiyar ya mayar ya gani ko tsohon zai farfaɗo, sannan ya jona sabon a sake, ba gam, ledarsa ma ba a ɓare ba, ya kunna ya miƙa maka. Ka danne tambarin wata manhaja ka ja shi a hankali ko'ina, kusurwa zuwa kusurwa da gefe-gefe. Duk inda ya kuɓuce daga yatsanka, wurin matacce ne. Ka rubuta saƙo ka ga kowane harafi yana shiga, ka ƙure haske ka fita rana da shi. Idan sabon sikirin ma bai ji taɓi ba, to matsalar a bodi take, sai a mayar da shi ba ka biya ba. Ku yi wannan yarjejeniyar tun kafin a kwance dunƙule ko ɗaya, domin da zarar an sa gam an ɗaure wayar da roba, dila ba ya karɓar kayansa.

Sharaɗi na biyu shi ne lafiyar sauran jikinta. Waya mai shekara 2 batirinta ya fara gajiya. Tun da za a buɗe ta, ka sa a duba ko ya kumbura, domin kumburarren batir yana tura sikirin daga ciki har ya lalata sabon. Ka kwantar da ita a kan tebur ka ga ko ta lanƙwashe. Idan firam ya karkace, sikirin ba zai zauna daidai ba, sai an saya mai haɗe da firam, kuma ya fi tsada. A ce batir 12,000 ne, jimilla ta zama 60,000, ta wuce ƙarin darajar 55,000 da muka lissafa da kaɗan, amma har yanzu tana nesa da 150,000, kuma sabon batir yana ƙara mata kwana, don haka ni zan yi. Idan kuwa aka ƙara da bakin caji mai wasa, ko ma'ajiyarta ta riga ta yi maka kaɗan, ko tana ɗaukar zafi tana kashe kanta tun kafin ta faɗi, a nan ne zan ce ka karɓi 40,000 ɗin ka yi ciko.

Game da kalmar orijina, ka tambaya wace iri ce, domin a kasuwa ana kiran sabon na kamfani da ita, ana kuma kiran wanda aka ciro daga wata waya da ita. Wanda aka ciro yana iya zama mai kyau, amma ka buɗe farin shafi ka duba ko akwai inuwar tsohon rubutu da ta ƙone a jikinsa. Idan wayarka Tecno ce, ko Infinix, ko itel, ka tambayi farashin Carlcare, wanda shi ne mai gyaran kamfanin, ka gwada da na kasuwa. Idan babu kayan a gari, yawanci daga kasuwar waya ta Fam Santa a Kano ake aiko da shi, sai ka tambaya ko kuɗin mota yana cikin abin da aka faɗa maka, da kuma kwana nawa za a ba ka na gwaji.

Ko wace hanya ka zaɓa, ka fara kwashe kayanka yau, domin tsaga tana ci gaba, kuma tawada na iya bazuwa hoton ma ya tafi. Ka nemi ɗan mahaɗin OTG, wanda da shi ake jona kayan kwamfuta a waya, da maus na kwamfuta mai igiya, ka jona a bakin caji. Kibiya za ta fito, da ita za ka danna lambar buɗewa. A wasu wayoyi sai an kunna OTG a cikin saiti kafin ya yi aiki, to idan bai kama ba, a yi kwasar a shago lokacin da aka jona sabon sikirin na gwaji. Ka adana hirarrakin WhatsApp da hotuna, ka tabbatar kana tune da kalmar sirrin asusunka na Google. Ka cire layinka da memori kafin ka miƙa wayar, kuma tun da akwai manhajar banki a ciki, ka tsaya a yi aikin a gabanka, kai da kanka ka saka lambar idan an zo gwaji. Idan sayarwa ka zaɓa, kada ta bar hannunka sai ka cire asusunka ka goge komai.