Daren da filogin hita ya daina amsa mini

Ba da jimawa da tarewata a birnin Lids na Ingila ba, wani abokin aikina ya nuna mini wani ɗan filogi da ake sokawa a soket ɗin bango, sannan a soka fitila ko fanka a jikinsa. Da zarar an haɗa shi da waifai na gida, mutum zai iya kunnawa ko kashewa ta manhajar wayarsa ko da yana wani gari, kuma zai iya tsara masa sa'ar da zai kunna da wadda zai kashe. Na sayi guda biyu na kamfanoni daban-daban, kowanne bai wuce fam goma ba, na sa ɗaya a fitilar falo, ɗayan kuma a hita ta ɗakin kwana, na tsara mata ta tashi ƙarfe shida na yamma ta mutu ƙarfe goma, domin in riƙa tarar da ɗaki da ɗumi.

A watan Janairu tafiya ta kama ni zuwa Landan, na manta ban soke tsarin ba. Wajen ƙarfe takwas na dare na tuna, na buɗe manhajar don in kashe hitar, sai na ga an rubuta Offline a ƙarƙashin filogin biyu, wato sun yanke daga intanet. Hankalina ya tashi matuƙa, domin hita mai wat 2000 tana jan kusan amfiya tara, kuma na san na bar labule a kusa da ita. Ban runtsa ba a daren nan. A Kano da na kira maƙwabci ko ƙanena ya haura katanga, amma a nan babu wanda ke riƙe da makullina, ko sunan mutumin da muke haɗa bango da shi ban sani ba.

Da na dawo washegari, na tarar da na'urar waifai ce ta tsaya, hitar a kashe take ɗakin ya yi sanyi ƙalau, fitilar falo kuwa tana ci tun jiya. Abin da ya raba su shi ne inda kowanne yake ajiye jadawalinsa. Filogin hitar yana riƙe da jadawalin a cikinsa, yana ƙirga lokaci da kansa, don haka ƙarfe goma na yi ya yanke wuta ba tare da ya jira kowa ba. Na fitilar kuwa umarni yake jira daga kwamfutocin kamfaninsa ta intanet, da hanya ta toshe sai ya zauna a yadda aka bar shi. Da a ce na musanya su, da hitar ta kwana tana ci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu kwalin da ya bayyana wannan bambanci.

Yanzu kafin in amince da kowane filogi sai na gwada shi. Ina tsara masa ya kashe fitila nan da minti goma, in zare na'urar waifai, in zauna in gani. Sannan, waifai na a kashe, in zare filogin kansa in mayar. Yawancinsu ba su da batirin agogo, daga intanet suke karɓar lokaci, saboda haka wanda wuta ta yanke masa yakan farka bai san ƙarfe nawa ba, jadawalin ya tsaya har sai waifai ya dawo. Hita kuwa na daina barin ta a kunne idan ba na gida, kamar yadda 'yan kwana-kwana na nan suke ta gargaɗi.

Wannan gwaji na biyu ne ya sa nake tunanin gida. Bakin soket ɗinmu iri ɗaya ne da na Ingila, mai ƙafa uku, filogin zai shiga daidai, amma a nan sai a shekara wuta ba ta ko ƙifta ba, mu kuwa idan aka ɗauke ta, filogi da waifai tare suke mutuwa. Wanda zai aika wa iyayensa shi don injin jawo ruwa ya sani cewa jadawali zai iya tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta har sai waifai ya dawo, kuma inji yana fizgar wuta mai yawa a lokacin tashi, abin da ke iya ƙona ƙaramin filogi.

Amfanin da na hango mana yana wani wuri. A manhajar wasu filogin ana zaɓar abin da zai yi idan wuta ta dawo: ya kunna, ya koma yadda yake, ko ya zauna a kashe. Mun saba a ɗauke wuta ana tsakiyar guga, a ajiye dutsen a kan tabarma a fita, a kawo wuta tsakar dare babu kowa a kansa, kuma sakacin nan ya cinye ɗakuna da shaguna. Na aika wa Yaya Babba guda ɗaya mai amfiya 13, na roƙe ta ta sa dutsen guga a jikinsa, ta zaɓi ya zauna a kashe, sai an danna maɓallin gefensa da hannu.